Idan Adadin PSA Ya Fara Hawa Bayan Shekara Hamsin: Abin da Za a Yi, Ɗaya Bayan Ɗaya

Takardar gwajin ba ta fi tafin hannu ba. An rubuta PSA, wato gwajin jinin da ake yi wa maza don duba furostet, a gabansa lamba, a gefe kuma an sa cewa daidai shi ne 0 zuwa 4 ng/mL. Magidanci ya duba ya ga tasa lambar ta haura huɗu, sai ɗayan biyu ya faru. Ko dai ya kwana bai runtsa ba yana ganin sankara ta kama shi, ko kuma ya ninke takardar ya cusa a aljihun riga ya ce ai fitsarinsa lafiya lau yake fita. Duka biyun kuskure ne, amma na biyun ya fi tayar mini da hankali, domin shi ne ke sa a riƙa kai dattawanmu asibiti bayan ciwon ya riga ya shiga ƙashi.

Furostet wata 'yar tsoka ce da maza kaɗai ke da ita. Tana ƙarƙashin mafitsara, ta zagaye bututun da fitsari ke bi, girmanta a jikin saurayi kamar matsakaicin goro. Mutane da yawa na cewa "sankarar mafitsara" idan suna nufin sankararta, alhali mafitsara daban, furostet daban. Ita ce ke samar da wani sinadari da ke tsinka maniyyi, kuma kaɗan daga cikinsa na zurarewa cikin jini. Wannan sinadarin shi ne PSA. To duk abin da ya taɓa furostet na iya ƙara yawan wanda ke zurarewa: girman da take yi saboda shekaru, kumburi, ƙwayar cuta a fitsari, robar fitsari da aka saka, ko sankara. Gwajin yana nuna cewa wani abu na faruwa a wurin, amma ba ya faɗin mene ne.

Ga ma'aunin da ya kamata a riƙe. A cikin maza masu PSA tsakanin 4 da 10, kusan ɗaya cikin huɗu ne ake samu da sankara idan an bincika. Idan ya wuce 10, yiwuwar ta haura rabi. Lambar da ke ƙasa da huɗu ma ba takardar sallama ba ce, don akwai masu sankarar da PSA ɗinsu bai kai huɗu ba. Shi ya sa likitoci da yawa ke duba shekaru: a ƙa'idar da ake bi a Birtaniya, ɗan shekara 50 zuwa 59 ana tura shi gaba idan ya haura 3.5, ɗan 60 zuwa 69 idan ya haura 4.5, ɗan 70 zuwa 79 idan ya haura 6.5. Kuma mu baƙar fata ciwon ya fi kama mu, ya fi kuma zuwa mana da wuri. A Najeriya ita ce sankarar da ta fi yawa a tsakanin maza.

Bari mu bi mutum ɗaya daga farko har ƙarshe. Mu ƙaddara wani malamin makaranta ne a unguwar Mabera da ke Sakkwato, shekararsa 58. Shekara biyu da suka wuce PSA ɗinsa 2.1, bara 3.4, bana kuma takarda ta nuna 6.8. Ba ya jin ciwon komai, sai dai yakan tashi fitsari sau ɗaya da dare.

Mataki na farko: a sake gwajin, amma a sake shi daidai

Ba a yanke hukunci da gwaji ɗaya. PSA na hawa yana sauka da kansa, kuma abubuwa ƙanana na tunzura shi. Tambayoyin da likita zai fara yi wa Malam su ne: ko ya sadu da iyali cikin kwana biyu kafin a ɗebi jinin? Ko ya yi aikin ƙarfi ko doguwar tafiya a kan keke a kwanakin? Ko yana jin zafin fitsari ko zazzaɓi a lokacin? Ko an saka masa roba, ko an zura masa wata na'ura ta mafitsara kwanan nan? Malam ya tuna cewa a makon da aka yi gwajin ya yi fama da zafin fitsari, wanda ya ɗauka zafin garin ne kawai da ƙarancin shan ruwa, kamar yadda kowa ke ɗauka a Sakkwato idan bazara ta kankama.

Sai aka gwada fitsarinsa. Idan an ga ƙwayar cuta, a yi maganinta, sannan a jira mako shida bayan an warke kafin a sake PSA. Jiran nan yana da wuya, na sani, amma gwajin da aka yi kafin kumburi ya sauka zai sake ba da lambar ƙarya, a yi asarar kuɗi da kwanciyar hankali. Ranar sakewa kuma a cika sharuɗɗa: kwana biyu ba fitar maniyyi, kwana biyu ba motsa jiki mai tsanani, a koma ɗakin gwajin da aka yi na farko, domin injuna sun bambanta kuma lambobinsu ba sa zuwa daidai da juna. Ba a buƙatar zuwa da yunwa, a ci abinci a je.

Akwai abu biyu da nake roƙon kowa ya kiyaye a nan. Na farko, kada a je kemis a sayi maganin kashe ƙwayoyin cuta a sha na makonni "don lambar ta sauka" alhali ba a ga cuta a fitsari ba kuma ba a jin alamarta. Saukar lamba bayan shan magani ba ta kore sankara, kuma shan maganin barkatai na sa ƙwayoyin cutar hanji su yi taurin kai, abin da zai iya zama haɗari idan an zo ɗibar tsoka daga baya. Haka nan jiƙon "maganin sanyi" da ake tallarsa da lasifika a kasuwa: ba ya amsa tambayar da takardar ta yi, lokaci kawai yake ci.

Na biyu, a faɗa wa likita duk maganin da ake sha. Finasterayid da dutasterayid, waɗanda ake bai wa masu girman furostet, suna rage PSA da kusan rabi bayan wata shida zuwa shekara. Wanda ke shan su ya ga 3, to a lissafin likita kusan 6 ne, kuma duk hawan da lambar ta yi yayin da ake kan maganin abin bincike ne ko da ba ta kai huɗu ba. Tamsulosin, wanda ke sassauta hanyar fitsari, shi ba ya taɓa lambar.

Bayan mako shida da warkewa, Malam ya sake gwaji: 5.9. Ya sauka kaɗan, ɗansa ya yi murna ya ce, "Baba, ai ga shi ya fara sauka." Amma a jera lambobin: 2.1, 3.4, 5.9. Ƙarin 1.3 a shekarar farko, 2.5 a ta biyu. Kumburin fitsarin ya ƙara kusan ɗaya a kai, ya tafi, amma hawan na asali yana nan. Tsohuwar ƙa'ida ta ce ƙarin da ya wuce 0.75 a shekara abin lura ne. Ba a dogara da ita ita kaɗai, amma ga mai shekara 58 da ya haura 3.5 sau biyu a jere, lokacin ganin likitan hanyoyin fitsari ya yi. Da Malam ya zubar da tsofaffin takardunsa, da ba wanda zai ga wannan jerin. A sami fayil ɗaya a riƙa tara su, kowace da kwanan watanta.

Mataki na biyu: gaban likitan hanyoyin fitsari

A Sakkwato masu wannan fanni suna Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, kuma likitan da ya fara duba mutum shi zai rubuta masa takardar turawa. A tafi da duk takardun gwaji da kwalayen magunguna. A kuma bincika a gida ko mahaifi ko ɗan'uwa shaƙiƙi ya taɓa yin wannan ciwo, domin hakan na ninka haɗarin kusan sau biyu. Sankarar mama ko ta ƙwan mace a wajen uwa ko 'yan'uwa mata ita ma a ambace ta.

Daga nan sai gwajin da maza ke gudu: likita ya sa safar hannu, ya shafa mai, ya zura yatsa ta dubura ya taɓa bayan furostet. Ba ya kai minti ɗaya. Kunya ce ke hana mutane, kuma kunyar dattijo abin girmamawa ce, amma mutum na iya neman likita namiji, ya nemi a rufe labule a sallami kowa. Abin da yatsa ke nema shi ne tauri ko ƙullutu ko gefe ɗaya da ya bambanta da ɗayan. Idan an ji irin wannan, ana ci gaba da bincike ko nawa ne PSA. Idan ba a ji komai ba, kamar yadda ya faru ga Malam, hakan bai rufe magana ba, don yatsa ba ya isa ko'ina.

Abin da ya fi taimakawa a wannan matakin, kuma ba shi da tsada, shi ne auna girman furostet da sikanin. Dalili kuwa mai sauƙi ne: babbar furostet na fitar da PSA mai yawa ko da lafiyarta lau. Mai sikanin zai ba da tsawo da faɗi da kauri a santimita, a ninka su, a sake ninkawa da 0.52, sai a sami girma a mililita. Na Malam:

```
4.5 x 3.8 x 3.6 x 0.52 = 32 mL
5.9 / 32 = 0.18
```

Wannan 0.18 ita ce yawan PSA a kan kowace mililita ta furostet, kuma abin da ya haura 0.15 yana ƙara zargi. Kwatanta shi da abokinsa na majalisa, ɗan shekara 66, wanda PSA ɗinsa 7.2, yana tashi fitsari sau huɗu da dare, fitsarin na fita da ƙyar. Furostet ɗinsa mililita 80 ce, lissafinsa ya ba da 0.09, kuma lambarsa ta daɗe tana nan wuri ɗaya. Abokin ya fi Malam lamba, ya fi shi wahala, amma Malam ne ya fi kusa da haɗari. Girman tsufa yakan faru ne a tsakiyar furostet inda bututu ya ratsa, shi ya sa yake matse fitsari da wuri. Sankara kuwa galibi daga gefen waje take farawa, nesa da bututun, tana iya shekaru ba ta hana fitsari fita ba. Duk wanda ya ce zai jira sai ya ji alama, to wannan ne abin da bai sani ba.

Wasu ɗakunan gwaji na auna wani kaso da suke rubuta wa free PSA, wato wanda ke yawo a jini bai manne da komai ba. Ga mai lamba tsakanin 4 da 10, idan kason ya wuce 25 cikin 100 zargi ya ragu, idan ya gaza 10 cikin 100 ya ƙaru. Na Malam 11 ne. Bai yanke komai ba, amma ya karkata inda sauran suka karkata.

Mataki na uku: hoton MRI, sannan ɗibar tsoka

Inda hali ya yi, ana so a ɗauki hoton MRI na furostet kafin a taɓa ta da allura. Mai karanta hoton zai ba da maki da ake rubuta wa PI-RADS, daga 1 zuwa 5. Ɗaya da biyu na nufin da wuya a sami sankara mai haɗari, kuma idan sauran lissafin ma ƙasa yake, ana iya fasa allura a ci gaba da sa ido. Uku tsaka-tsaki ne. Huɗu da biyar na nufin a ɗebi tsoka, kuma hoton ya nuna inda za a nufa. Hoton na da tsada, ba kuma kowane injin MRI ba ne aka saita don furostet, saboda haka a tambayi likita inda za a yi wanda zai amfane shi kafin a biya kuɗi. Idan bai samu ba, ba a tsayawa: mai lissafi irin na Malam ana ɗibar masa tsoka ko babu hoton. Nasa ya nuna PI-RADS 4 a gefen dama.

Ɗibar tsoka, wato bayofsi, ita kaɗai ke tabbatar da sankara. Ana kashe zafin wurin, a shigar da na'urar sikanin ta dubura don a ga furostet, sannan a yi amfani da siririyar allura a tsinko 'yan zare-zaren tsoka guda 10 zuwa 12 daga sassa daban-daban, da ƙari daga inda hoton ya nuna. Allurar na iya bi ta cikin dubura ko ta fatar da ke tsakanin maraina da dubura, kuma hanya ta biyu ta fi ƙarancin jawo cuta. Ana sallamar mutum a ranar. Mai shan maganin tsinka jini irin su warfarin ko kulofidogirel ya faɗa tun da wuri, kuma kada ya daina da kansa sai yadda likita ya tsara.

A nan ne Malam ya ja da baya. Wani ya gaya masa cewa idan ƙarfe ya taɓa irin wannan ciwo sai ya bazu. Ya ce wa likitan, "Likita, ni fa lafiyata lau, kada a tono mini abin da ke kwance." Likitan ya ce, "Malam, allurar ba ta tayar da shi. Idan yana nan, yana nan ko mun duba ko ba mu duba ba. Dubawar ce za ta gaya mana ko irin wanda ake bari ne ko irin wanda ake cirewa." Gaskiya ya faɗa masa. Ina ganin wannan jita-jitar ta samo asali ne daga mutanen da aka kai asibiti a makare, aka yi musu bayofsi, suka rasu ba da jimawa ba, sai aka ɗora wa allura laifin jinkiri.

Haɗarin bayofsi na gaske daban ne, kuma ya kamata iyali su san shi. Jini kaɗan a fitsari ko bayan gida na 'yan kwanaki, da jini a maniyyi na wasu makonni, duk ba abin tsoro ba ne. Amma zazzaɓi da rawar ɗari a kwanakin farko, ko fitsari ya ƙi fita sam, ko jini mai gudaji da bai tsaya ba, wannan asibiti ne nan take, ko da tsakar dare ne. Mu nan da zarar an ji zazzaɓi sai a ce na sauro ne a sha magani a kwanta. Bayan bayofsi kada a yi haka, domin ƙwayar cuta na iya shiga jini ta yi ɓarna cikin sa'o'i.

Karanta sakamakon

Idan ba a ga sankara ba, alhamdu lillahi, amma ba a yar da fayil ba. Allura na iya kuskure wurin, don haka ana ci gaba da PSA duk wata shida zuwa shekara, a sake bincike idan ya ci gaba da hawa.

Idan an gani, takardar za ta zo da makin Gleason, lambobi biyu da aka haɗa don nuna zafin sankarar. Mafi ƙanƙanta da ake rubutawa a yau shi ne 3+3=6, saboda haka wanda ya ga shida kada ya ɗauka ya wuce rabin goma, shi ne mataki na ƙasa. Irin wannan tafiyar hawainiya yake yi, kuma sau da yawa ba a yi masa aiki: ana sa ido da PSA da hoto da maimaita bayofsi, a shiga magani idan ya canza. Sai 3+4=7, sannan 4+3=7 wanda ya fi shi zafi duk da jimlarsu ɗaya, domin lambar farko ita ce nau'in da ya fi yawa a tsokar. Takwas zuwa goma su ne masu saurin yaɗuwa. Idan makin ya yi sama, ko PSA ya wuce 20, ko akwai ciwon ƙashi, ana ƙara hotuna don a ga ko ya fita daga furostet.

Na Malam 3+4=7 ne, a zare uku cikin goma sha biyu, bai fita waje ba. A irin wannan matsayi ana magana ne a kan warkewa, kuma hanyoyi biyu ne manya: tiyatar cire furostet gaba ɗaya, ko gashi da haske, wani lokaci tare da maganin rage sinadarin namiji na 'yan watanni. Wani babban bincike da aka yi a Birtaniya, wanda sakamakonsa na shekara 15 ya fito a 2023, ya nuna cewa cikin maza da aka gano ciwonsu ta hanyar PSA tun bai fita daga furostet ba, kusan 97 cikin 100 ba su mutu da shi ba, ko tiyata aka yi musu, ko gashi, ko sa ido. Sai dai yaɗuwar ciwon ta fi yawa a cikin waɗanda aka sa wa ido. Ma'anar wannan ga Malam ita ce yana da makonnin da zai zauna ya yi shawara ba tare da firgici ba.

Kuma akwai abin shawara. Tiyata na iya barin ɗigar fitsari, wadda galibi ke raguwa cikin watanni, kuma ga mai kiyaye alwala da salla cikin jam'i wannan ba ƙaramin abu ba ne. Tana kuma iya raunana ƙarfin namiji, kuma bayanta maniyyi ba ya fita, haihuwa ta hanyar da aka saba ta ƙare. Gashi na iya taɓa hanji da mafitsara, shi ma yana rage ƙarfi a hankali, kuma yana buƙatar zuwa asibiti kusan kullum na tsawon makonni. Mai amarya ko mai son ƙarin haihuwa ya buɗe baki ya tambaya kafin a fara, kuma ina ganin ya dace uwargida ta san abin da ake ciki tun a wannan lokacin. Bayan tiyata, PSA ya kamata ya faɗi har inji ya kasa ganinsa cikin kamar wata biyu, kuma idan ya dawo ya kai 0.2 sai a koma ga likita. Bayan gashi kuwa a hankali yake sauka, ba ya zama sifili.

Wanda bai kamata ya bi wannan jeri a hankali ba

Duk wannan jiran na mako shida na mai ƙaramin hawa ne da ba ya jin komai. Wanda PSA ɗinsa ya kai hamsin ko ɗari ba tare da cutar fitsari ba, ko yake da ciwon baya ko ƙugu da ke hana shi barci, ko yake ramewa ba dalili, a cikin makon nan ya kamata ya ga likitan hanyoyin fitsari. Idan kuma ƙafafu suka fara nauyi ko mutuwa, ko ya kasa riƙe fitsari ko bayan gida, to a ranar za a kai shi sashen gaggawa, domin alama ce cewa ciwon na danne lakar baya, kuma sa'o'i ne ke raba wanda zai sake takawa da wanda ba zai sake ba. Ko a wannan matakin akwai magani: allurar da ke rage sinadarin namiji duk wata ko duk wata uku, ko ƙaramar tiyata a maraina da ke yin aiki iri ɗaya sau ɗaya tak, kuma dukansu kan kwantar da ciwon ƙashi su ja da ciwon baya na tsawon lokaci.

A ɗaya gefen kuma, dattijo ɗan shekara tamanin da ke fama da ciwon zuciya ko na ƙoda, PSA ɗinsa 7 kuma ba ya jin komai, sau da yawa alherinsa shi ne a ƙyale shi da allura da tiyata, domin ƙaramar sankarar furostet kan ɗauki fiye da shekara goma kafin ta yi illa. 'Ya'yansa su nemi likita ya faɗa musu a fili abin da binciken zai ƙara wa mahaifinsu, sannan a bar shi ya zaɓa da kansa.